Lissafin tablon TDR ɗina ya ƙi fita, don Allah a taimake ni

Hadiza

Salamu alaikum ƴan'uwa. Ina karatun lafiya a Yamai, amma bayanan memuwar ɗina a wata likita ta karkarar Tawa na tattara su, watan Satumba, tsakiyar palu. Wata guda na yi can a gidan gwaggona, kullum da safe in hau kabu-kabu cikin caɓi, kuɗin da babana ya aiko duk sun ƙare a hanya da fotokopi. Muna gwada wani sabon TDR ne, wato gwajin palu na gaggawa da ɗigon jini, ga yara masu zazzaɓi. Yara 400. TDR ya ba da pozitif 180, cikinsu 144 na gaskiya ne. Na raba 144 da 180 na samu kashi 80 cikin ɗari, na rubuta ita ce sansibilite. Malamina ya ja jan layi a kai, ya rubuta "sake duba", ya yi tafiya, waya ba ta shiga. Saura kwana 12 in ajiye takardun. Na sake lissafin ya fi sau goma, 80 ɗin nan ce ke fitowa. Ina kuskuren yake?

Mahamadu

Ƙanwata, 80 ai ba laifi. Mu a wurinmu akwai kwalin TDR da aka kawo mana bara, zafi ya lalata shi a magaza, layin kwantarol ma bai fita. Mun rubuta takarda har sau uku, ba wanda ya waiwaye mu. In naki ya kai 80 ki gode Allah ki ajiye.

Malam Isuhu

Mahamadu, tambayarta ba kyan gwajin ba ce. Hadiza, ba ki gaya mana da me kika auna TDR ɗin ba. Me ya shaida miki 144 "na gaskiya" ne? Kuma yara nawa ke da palu duka-duka, har da waɗanda TDR bai gani ba? In babu wannan adadin, babu sansibilite.

Hadiza

Gafarta malam, da gutepes ne. An ɗauki jini a gilashi an duba a mikroskop. Gutepes ta nuna 160 da palu, 240 babu.

Malam Isuhu

To ga kuskuren nan a fili. Ga tablonki, gutepes, wato GE, a sama, TDR a gefe:

```
        GE+   GE-   total
TDR+    144    36    180
TDR-     16   204    220
total   160   240    400
```

Sansibilite tambaya guda take amsawa: cikin yaran da ke da palu da gaske, nawa gwajin ya kama? Masu palu 160 ne, ba 180 ba. Ki raba 144 da 160, ki samu kashi 90. Yara 16 ne suka kuɓuce masa, da ba a duba gilashinsu ba, da an sallame su gida ba magani.

Sipesifisite kuwa ta waɗanda ba su da cutar ce. Su 240 ne, gwajin ya wanke 204. Raba 204 da 240, kashi 85. Sauran 36 ya ɗora musu palun da mikroskop bai gani ba.

Abin da ke kika yi, 144 bisa 180, shi ma lissafi ne na gaskiya, sunansa ne kika sauya. Wannan VPP ce: cikin yaran da gwajin ya ce suna da palu, nawa ke da shi? Kashi 80. Ƴar'uwarta VPN, wato cikin yaran da gwajin ya ce babu nawa ne babu da gaske, ita ce 204 bisa 220, kashi 92,7. Biyun farko daga gutepes suke tashi, ana bin tablon daga sama zuwa ƙasa. Biyun baya daga sakamakon TDR suke tashi, ana bin layi a kwance. Shekara da shekaru ina gyaran takardun ɗalibai, wannan shi ne ramin da aka fi faɗawa.

Hadiza

Na gode malam. Amma ni littafin da na bi cewa ya yi a raba a da a+b, kuma haka na yi daidai. Ban ƙirƙiro daga kaina ba.

Malam Isuhu

Ki buɗe littafin ki duba abin da ya sa a sama. Zan iya rantsuwa shi cutar ya sa a gefe, gwajin a sama, ke kuma kika juya tablon kika riƙe haruffan. Ki bar haddace a da b. Kafin ki raba, ki faɗi da baki su wane ne ke ƙasan layin rabawa. In "masu cutar" ne, sansibilite ce. In "waɗanda gwaji ya ce pozitif" ne, VPP ce.

Zeinabu

Ni dai a ganina duk tafiyar guda ce, 80 ko 90. Ni ungozoma ce, in gwaji ya fito pozitif abin da nake son sani shi ne in yarda da shi ko kar in yarda. Ashe 80 ɗin Hadiza ita ce mai amfani gare mu. Ta bar ta kawai, ta canza suna.

Malam Isuhu

Zeinabu, kin yi gaskiya rabi. Mai duba marar lafiya VPP yake buƙata, wannan haka ne. Amma ba tafiyar guda ba ce, don 80 ɗin nan ta Satumba ce kawai. A lokacin yara 160 cikin 400 ke da palu, kashi 40 ke nan. Mu ɗauki gwajin nan, da 90 ɗinsa da 85 ɗinsa, mu kai shi watan Afrilu, a ce misali yaro 1 cikin 10 masu zazzaɓi ke da palu. Cikin yara 1000, masu cutar 100 ne, zai kama 90. Marasa cutar 900 ne, zai yi kuskure ga kashi 15 nasu, wato yara 135. Pozitif duka 225, na gaskiya 90 kaɗai. VPP ta faɗo kashi 40. Kwali ɗaya, ma'aikaci ɗaya, amma yanzu fiye da rabin pozitif ɗin na ƙarya ne. VPN kuma ta hau, 765 bisa 775, kusan kashi 99.

Shi ya sa ni shawarata ta cire VPP da VPN daga babban sakamako gaba ɗaya. Ba su tafiya ko'ina, daga Tawa zuwa Agadas ma sun canza.

Zeinabu

A'a malam, cirewa kuma? To mu da ke karkara me za mu karanta? Ta sa su, ta rubuta a gefe cewa na damina ne. Kullum haka ake mana, a rubuta takarda don juri, ba don wanda yaro ke kuka a gabansa ba.

Rakiya

Ni a labo nake, shekara 14 ina kan mikroskop. Ku yi haƙuri, yara 36 ɗin nan da ake ce wa na ƙarya su suka tsaya mini a rai. Hadiza, wane irin TDR ne? In mai neman HRP2 ne, wannan furotin na ƙwayar palu yana zama cikin jini makonni bayan an sha magani ƙwayoyin sun mutu. Yaron da ya yi palu farkon Satumba ya warke, ya dawo da zazzaɓin mura, TDR zai fito pozitif, gilashi kuma fes. A damina irin wannan ba kaɗan ba ne.

Na biyu, gutepes kanta ba Alƙur'ani ba ce. In ƙwayoyin kaɗan ne, ko Giemsa da ake rina gilashin da ita ta tsufa, ko mutum ya duba gilashi 60 tun safe idonsa na ruwa, sai ya rubuta negatif. Ni kaina an taɓa maido mini gilashi daga kwantarol, na ce babu, mai dubawa na biyu ya samu. Na kwana biyu abin yana cina. Saboda haka cikin 36 ɗin wataƙila akwai inda TDR ne mai gaskiya. Mutum nawa suka karanta gilasanki? Kin tambayi uwaye ko yaron ya sha magani kwanan nan?

Hadiza

Yaya Rakiya, HRP2 ne. Mutum ɗaya ne ya karanta, don shi kaɗai ne a wurin, ba ni da kuɗin kai gilasai Tawa a sake dubawa. Tambayar magani ba ta cikin takardar da aka amince mini. Kuma mutumin ya san aikinsa, kowa a garin ya shaide shi. Har ma ranakun da aiki ya yi masa yawa, yara 70 da TDR ɗinsu ya fito negatif bai yi musu gutepes ba, ni kuma na fitar da su don kar su ɓata lissafi. Asali 470 ne.

Malam Isuhu

Inna lillahi. Hadiza, wannan ya fi juya tablo nauyi, kuma sai yanzu kike faɗi. Duka 70 ɗin negatif ne, ba zaɓen ido rufe aka yi ba. Kin rage layin ƙasa na tablon kin bar na sama cif. Duba abin da hakan ke yi. Cikin negatif 220 da aka duba, 16 suna da palu, wajen 7 cikin ɗari. In su 70 ɗin haka suke, 5 na da palu, 65 babu. Masu cutar sun koma 165, sansibilite ta sauko 144 bisa 165, kashi 87. Marasa cutar sun koma 305, an wanke 269, sipesifisite ta hau kashi 88. Cirewar da kika yi ta kumbura ɗaya ta danne ɗaya. Dole ki sake tablon da wannan gyaran.

Rakiya

Malam, a nan ban bi ka ba. Wannan 5 ɗin ba wanda ya gan su a mikroskop. Mai labo ba haka kawai yake tsallake yaro ba, wanda ya ga yana wasa jikinsa da sauƙi shi yake bari. Ƙila cikin 70 ɗin ko 2 babu. Ba a sa zato cikin tablo. Ta bar 400, ta rubuta ƙarara cewa 70 ba a duba su ba da dalilin.

Malam Isuhu

In ko ɗaya babu, sansibilite ta tsaya 90 amma sipesifisite ta zama 274 bisa 310, kashi 88 ke nan dai. Kowace hanya aka bi 85 ɗin nan ba ta tsira ba. Juri zai tambaya.

Mahamadu

Ni lokacin tawa sutunans ba wanda ya duba tablo, kan kuskuren rubutu suka tsare ni awa guda. Kar ku tayar wa yarinya da hankali.

Hadiza

Na gyara 90 da 85 da 80 da 92,7, wannan na gane, Allah ya saka. Amma batun 70 ɗin, ni ban ga laifina ba. Ba a yi musu gutepes ba, ta yaya zan sa su a gidan da ban san nasu ba? Kuma a furotokol 400 aka ce in kawo, 400 na kawo. In na rubuta cewa an tsallake yara, mutumin da ya taimake ni wata guda ba ko dala shi zan jawo wa magana.

Zeinabu

Ba sai kin ambaci kowa ba, ki ce aiki ne ya yi yawa. VPP dai kar ki cire ta.

Malam Isuhu

Turo mini rajistan 470 ɗin da daren nan, da shekarun yaran da zafin jikinsu, in ga ko su 70 ɗin sun bambanta da sauran.

Hadiza

Rajistan yana can likitar, hoton shafi 9 kawai gare ni a waya, kuma babu zafin jiki a wasu. Zan sake gwada kiran malamina gobe bayan azahar.