Gyaran rabi da ƙa'idar biyar: me kuka gani da kuka kimanta binomiyal da nomal?

Mai duba kaya:
Assalamu alaikum. Aikina shi ne duba ingancin kayan da ake ƙerawa, kuma akwai abin da nake so masana su warware mini. Mukan ɗibi kaya 100 daga babban rukuni wanda aka san kusan 5 cikin 100 na kayansa sukan fito da aibi, kuma an nemi in faɗi yiwuwar a sami masu aibi 11 ko fiye. Na bi ƙa'idar biyar da aka koya mana, wadda ta ce ana iya kimanta binomiyal da nomal idan np da n(1 − p) duk sun kai 5, inda n ne yawan kayan da aka ɗiba, p kuma kason masu aibi: np ya kai 5, n(1 − p) ya kai 95, saboda haka na ɗauka hanya a buɗe take. Matsakaici 5 ne, σ kuwa 2.18 ne, na yi gyaran rabi, wato na matsar da iyakar da 0.5, na fara daga 10.5 maimakon 11, z ya fito 2.52, yiwuwar ta zama 0.0058. Da abokin aikina ya lissafa ainihin binomiyal ɗin a kwamfuta sai ya sami 0.0115, wato ninki biyu na nawa. Shin wani ya taɓa cin karo da irin wannan, ko kuwa gyaran ne ba ya aiki?

Ɗalibin shekarar ƙarshe:
Malam, ni a sanina da zarar n ya wuce 30 an shiga tudun mun tsira, kuma naku 100 ne. Na yi amfani da wannan a aikin bincikena ban ga matsala ba, don haka ina zargin ko an sami tuntuɓe ne wajen karanta teburin z.

Malamar ƙididdiga:
Ɗalibi, teburin ba shi da laifi, lissafin Malam daidai yake. Girman n shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin p ma yana da ta cewa, kuma ina kyautata zaton naka p ɗin yana kusa da rabi, shi ya sa ka tsira.

Kafin mu zo kan inda gyaran ya gaza, ina so a ga inda yake aiki, da misalin da nake ba ɗalibaina. Mutum ya amsa tambayoyi 20 na gaskiya ko ƙarya ta hanyar canki-canka, ana neman yiwuwar ya ci 8 ko ƙasa da haka. Matsakaici 10 ne, σ kuwa 2.236. Ainihin amsar ita ce 0.2517. Idan aka tsaya a kan 8 ba tare da gyara ba, z zai zama −0.894, amsar ta fito 0.186, wadda ta yi nisa ƙwarai. Idan aka matsa zuwa 8.5, z zai zama −0.671, amsar ta fito 0.251, kusan ba a iya bambanta ta da ta gaskiya.

Dalilin yana cikin zane. Nakan sa su zana kowace lamba a matsayin ginshiƙi mai faɗin 1, ta yadda ginshiƙin 8 zai fara daga 7.5 ya ƙare a 8.5. Lanƙwasar nomal fili take aunawa, don haka wanda ya yanke a kan 8 daidai ya raba ginshiƙin biyu ya zubar da rabinsa, alhali a wannan misali ginshiƙin 8 shi kaɗai yana ɗauke da 0.12 na dukkan yiwuwar. Abin da nake yawan gani a takardun jarrabawa shi ne a haddace "a ƙara rabi" a bar zanen. Idan tambayar ta ce ƙasa da 8, to ginshiƙin 8 ba ya ciki, iyakar ta koma 7.5, ainihin amsar kuma 0.1316 ce, nomal ya ba da 0.132. Wanda ya zana ba ya ruɗewa a nan.

To amma gyaran rabi matsala ɗaya tak yake magancewa, wato cewa binomiyal ƙirge ne mai tsalle daga lamba zuwa lamba. Ba ya taɓa karkata. Lanƙwasar nomal ɓangarorinta biyu daidai suke, shi kuwa binomiyal mai p = 0.05 yana da doguwar wutsiya ta dama, a hagu kuma sifili ya tare shi. Ku gwada ɗaya gefen, Malam: yiwuwar a rasa mai aibi ko ɗaya ita ce 0.0059, amma nomal da gyaransa zai ba ku 0.0195, fiye da ninki uku. Ya zuba yiwuwa da yawa a hagu, har a kan lambobin da ke ƙasa da sifili waɗanda ba za su taɓa faruwa ba, ya kuma tauye dama, inda tambayarku take.

Mai duba kaya:
Na gode, Malama. Na gwada 7 ko ƙasa da haka kamar don in tabbatar, ainihin ya ba ni 0.872, nomal ya ba ni 0.874. Ke nan a rukuni guda kimantawar ta dace a wani wuri ta kuma kuskure a wani.

Mai nazarin ƙuri'ar jin ra'ayi:
Ni abin da na sha gani ya ɗan bambanta da naku. Da kaso muke aiki, ba da ƙirge ba, kuma na taɓa karɓar rahoto daga wani sabon ma'aikaci da ya ƙara 0.5 kai tsaye a kan kason 0.52, abin ya haura 1. A kan kaso, gyaran shi ne 0.5/n. Ban da haka, idan mutane 10,000 aka tambaya kuma p yana kusa da rabi, σ na ƙirgen 50 ne, rabin nan bai wuce 0.01 a ma'aunin z ba, kuma canjin da zai kawo a yiwuwar ba zai haura 0.004 ba. Saboda haka ni a aikina ba na damuwa da shi sosai.

Tsohon injiniya:
Ƙa'idar biyar ba doka ba ce da aka tabbatar da hujja, al'ada ce ta littattafan koyarwa, shi ya sa wasu suke cewa 10. Wadda na fi amincewa da ita a wajen aiki ita ce a ɗebe σ uku daga matsakaici, a kuma ƙara σ uku, a ga ko duka biyun sun zauna tsakanin 0 da n. A lissafinku, 5 a ɗebe 6.54 ya faɗa ƙasa da sifili, wannan kaɗai ya isa gargaɗi, kuma da p = 0.05 sai n ya wuce 171 kafin a tsallake. Idan p ƙarami ne haka, Poisson ya fi dacewa, domin da matsakaici 5 yana ba da 0.0137, wanda ya fi kusa da 0.0115. Amma gaskiyar magana, masanin lissafi de Moivre ya fito da hanyar kimanta binomiyal da nomal a 1733 ne saboda lissafin binomiyal da hannu yana da wahala, mu kuwa layi ɗaya a manhajar ƙididdiga ta R ya wadatar:

```
pbinom(10, 100, 0.05, lower.tail = FALSE)
```

A ganina duk hukuncin da ya rataya a kan wutsiya, kamar mayar da rukunin kaya, bai kamata a gina shi a kan kimantawa ba.

Malamar ƙididdiga:
Na yarda da ku a kan wutsiya, ranka ya daɗe, sai dai ba zan so a ɗauka cewa gwajin σ uku ya rufe maganar ba. Ko an ɗibi kaya 200, ma'aunin karkatar, (1 − 2p)/σ, daga 0.41 zai sauko zuwa 0.29 ne kawai, kuma har yanzu nomal zai tauye wutsiyar dama. Ni nakan fara da tambayar kuskure nawa mai aikin zai iya jurewa, domin tazarar 0.006 ba komai ba ce ga amsar da take 0.87, amma ita ce rabin amsar da take 0.0115.

Mai duba kaya:
Zan koma ga ainihin lissafin a wannan rahoto. Abin da ya rage mini shi ne teburin da ma'aikata suke dubawa a wurin da babu kwamfuta, wanda da nomal aka gina shi tun farko. Shin in sake shi gaba ɗaya da binomiyal, ko kuwa in gyara layukan da p bai kai 0.1 ba kawai?