Wane Suna Za A Raɗa wa Aikin Yasar Kwata?

Da aka tattauna kan sunan aikin yasar kwalbati da kwashe shara, yawanci sun ce a guji sunan mutum. In aka laƙaba masa sunan kansila ko attajirin da ya sayo shebur da baro, maƙwabta za su ce ai aikinsa ne, ya biya leburori. In zaɓe ya juya kuma, aikin ya bi shi.

An fi son kalmar "gayya", domin kowa ya san ba a biyan ɗan gayya. Sai dai "Gayyar Layin Masallaci" ta bar 'yan bayan layi a waje, alhali daga wajensu ruwan ke gangarowa da leda. Gara sunan unguwa dungurungum. Wata uwa ta ce a tambayi matan gida kafin mai unguwa ya sanar, tunda su ke miƙa wa yara shara.