Awa biyu kullum ina sauraron fodkas, maki ya ƙi motsi: ku yaya kuke raba lokacinku?

Nas Mai Aikin Dare: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, sashen sauraro ne ya tsaya mini a wuya. Tambayoyi 40 ne, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. Ana so in kai 30 don in samu mataki na 7, amma wata uku ke nan ina yawo tsakanin 23 da 25. Ba ragwanci ba ne: daga gida zuwa asibiti da dawowa, iyafis na kunnena, kusan awa biyu kullum. Labarin gaba ɗaya ina gane shi, amma aka ce in cike gurbi da kalma ɗaya sai ta wuce ni. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mini yadda ya yi.

Tsohon Ticha: Wa alaikumus salam 'yata. Abin da kike yi a mota yana da amfani, amma rabin aikin ne. Ni ina kiransa sauraron sakin jiki: ki ji da yawa, ba tsayawa, ba ƙamus. Yana saba wa kunne da gudun magana, yana kuma ƙarfafa abin da kika riga kika iya ji. Abin da ba ya yi shi ne nuna miki inda kunnenki ke zuba. Kalmar da ta wuce ki yau, gobe ma za ta wuce, tunda ba ki san ta wuce ba.

Ɗaya rabin shi ne sauraron ƙwaƙƙwafi, kuma ba a yinsa a mota. Ga yadda na yi da kaina lokacin da zan tafi ƙaro karatu. Bayan asuba nakan ɗauki shirin 6 Minute English na BBC, saboda yana zuwa da rubutun duk abin da aka faɗa. Ba na taɓa minti shidan duka. Daƙiƙa 45 kawai nake yankowa daga tsakiya. In ji su sau ɗaya a tafe, sannan in koma jimla-jimla ina rubuta abin da na ji, kowace jimla ba ta wuce maimaici uku. Inda ban ji ba in bar fili. Sai na gama nake buɗe rubutun in gwada da jan biro.

Ranar farko har yanzu ina da takardar. Kalmomi 112 ne, na faɗi 19. Da na rarrabe su, huɗu ne kawai ban taɓa sani ba. Uku kuskuren rubutu ne. Sauran 12 kalmomi ne da ɗan aji ɗaya ya sani, bakin Bature ne ya haɗe su. Abin da muke karantawa "wud hab bin", shi "wudabin" yake cewa, ni kuma na rubuta wata kalma da babu ita a duniya. Da na bi zatona da na tafi haddar ƙamus, alhali ciwon ba can yake ba. Ki gwada ki ga wane kaso ya fi yawa a naki. Duka aikin minti 20 ne zuwa 25.

Ɗan Kasuwar Waya: Malam ya faɗi gaskiya, amma akwai hanya mai sauƙi. Aunty ki rage gudun muryar zuwa 0.5x, za ki ji komai tar. Ni haka nake yi kullum.

Tsohon Ticha: Ƙanina, a 0.5x murya takan ja kamar kaset ɗin da batir ya yi wa sanyi, kuma ranar jarrabawa ba mai rage mata. Rage gudu magani ne na jimla ɗaya da ta gagara: a sa 0.75x, a ji ta, a mayar 1x a sake ji har ta fito a gudunta na asali. In ba a mayar ba, ba a gama ba.

Ɗan Kasuwar Waya: To ni dai ba jarrabawa zan yi ba, da 'yan China nake magana, kuma ya yi mini.

Baƙuwa Daga Maraɗi: Ni nawa Faransanci ne, amma ciwon ɗaya ne, sai dai ni ta ɗaya gefen na faɗa. Shekara guda ina zama da Journal en français facile na RFI, labarai ne na minti goma da rubutunsu, ina tsinke shi kalma-kalma. Na iya rubuta abin da na ji sosai. Amma da na shiga taro a Yamai, minti biyar kaina ya ɗauki zafi, don na saba da dannawa in tsayar, mutum kuwa ba a tsayar da shi. Kalma ɗaya ta kuɓuce sai in tsaya nemanta, jimla uku su wuce. Abin da ya gyara ni shi ne na ware lokacin girki da wanki ya zama na ji kawai, wayar ma a ɗaki nake barinta da ƙaramar sifika don kada hannuna ya kai. Kuma na sauko zuwa shirin da ya fi sauƙi. In bayan an gama ba zan iya ba wa ƙanwata labarinsa a jimla uku ba, ya fi ƙarfina a wannan lokacin, sai in ajiye shi don zaman safe.

Nas Mai Aikin Dare: Yaya, wannan ya taɓa ni. A mota hirarrakin likitoci masu awa guda nake sawa, kuma gaskiya wani lokacin sai in farga na yi minti goma ina tunanin cefane.

Baƙuwa Daga Maraɗi: To kin gani. Awa biyun nan wataƙila minti arba'in ne na gaske. Ki gwada VOA Learning English ko tsofaffin shirye-shiryen da kika riga kika tsinke.

Auta: Ni ina kwana da iyafis shirin na tafiya har safe, an ce ƙwaƙwalwa na ɗauka. Kuma don Allah wane iyafis ne batirinsa ke kai wa asuba?

Tsohon Ticha: Auta, abin da ka samu kawai ciwon kunne ne da cajin da ya ƙare.

Mai Jiran Sakamako: Na rubuta tawa watan jiya. Abu ɗaya zan ƙara wa Aunty Nas: ki duba harafin jam'i na ƙarshen kalma da lambobi. A takardun gwajina kusan kullum nan nake zubar da maki biyu ko uku, "fiftin" da "fifti", ko in bar s, kuma a jarrabawar an ɗauke shi kuskure cikakke. Sauraron mota bai taɓa nuna mini wannan ba, sai rubutu. Inda na saɓa da Malam shi ne tsari. Shi yana tsinkewa da safe. Ni sai na fara jin shirin gaba ɗaya a hanya, da dare in yanko wurin da ya ruɗe ni. Ina ganin haka ya fi kama da jarrabawa, tunda jin farko ba shiri ake yinsa.

Tsohon Ticha: Akwai hujja a nan. Tsorona dai da dare mutum ya gaji, ita kuma aikin dare take yi. Ni na fi son a tsinke tukuna, sannan a sake jin shirin a hanya bayan kwana biyu, don a nan ne "wudabin" ke fitowa da kansa.

Mai Jiran Sakamako: Amma Malam a lokacin ai an riga an haddace, ba a san ko kunne ne ya ji ko tuni ne ba.

Nas Mai Aikin Dare: Na gode duka. Yau bayan na sauka daga aiki na gwada daƙiƙa 40. Kalmomi 98, na faɗi 16, kuma 11 daga ciki na san su sarai, biyu kuma s ne na bari. Ranakun da nake dare ba ni da asuba, don haka zan sa zaman bayan la'asar in na tashi barci, sau huɗu a mako. Na hanya zan gwada na Malam mako biyu, na Mai Jiran Sakamako mako biyu. Auta, iyafis ɗina ma kunne ɗaya ne ke aiki, kar ka tambaye ni.