Ragowar wake a gindin roba: a zuba sabo a kai ko a juye?

Amarya, Garin Malam: Sallama gare ku. Uwar mijina ta ce rubuta kwanan wata a jikin roba aikin mai kanti ne, ido da hanci sun ishi mace a madafa. Ni dai in wake ya yi ƙasa sai in zuba sabo a kai. Da laifi?

Mai tuwo, Zango: Ƙanwata, laifin yana nan a zubawar. Ki ɗauka robarki tana cin tiya 5, duk wata ki cika ta lokacin da ya rage rabin tiya. Daga sama kike ɗiba, ko ba haka ba? To rabin tiyar nan ta gindi ba ta taɓa ganin tukunya ba, tana iya yin wata shida a kwance. Ƙwaron wake kuwa a bayan ƙwaya yake saka ƙwai, tsutsar ta huda ta shige ciki tana ci, cikin wata guda ko ƙasa da haka a zafin Damagaram ta fito da fiffike ta hau sabon. Kafin ki ga rami a wake an riga an gama ɓarna. Abin da nake yi, in na sayo sabo, sai in juye ragowar a ƙaramin kwano in ajiye shi gaba, in wanke robar, in shanya ta ta bushe ƙayau, sannan in zuba sabon. Ba mai buɗe babbar roba sai kwanon ya ƙare.

Inna, Birni: Mu da muka tashi da rumbu ba mu san takarda ba, kuma tsohon dami muke fara cirewa. Wake in ya yi ƙwari ai hannu ma zai gaya miki, gari-gari yake yi.

Mai tuwo: Gaskiyarki Inna, tsarin ɗaya ne. Sai dai ke kaɗai kike shiga rumbunki. Ni yara uku ke taya ni aiki, kuma garin masara na jiya da na makon jiya kamarsu ɗaya a ido. Ɗan sikoc na takarda nake liƙawa a jikin robar, in rubuta suna da rana da bik: garin hatsi, niƙa 12/3. A jiki nake liƙawa, don murafu suna musanya wajen wanki.

Ɗalibi, Sabon Gari: Ai kamfani ya riga ya buga ranar lalacewa a gwangwanin tumatir da madara, me za a ƙara?

Yaya, Karkada: Ba gwangwani ake magana ba ƙanena, kayan awo ne. Shi ma gwangwanin, ranar da ke jikinsa ta rufaffe ce, in ka buɗe lissafi ya sake. Ni doka ɗaya na riƙe: abin da ya riga shigowa shi ke riga fita, ba togiya.

Baba mai awo, kasuwar Dole: A nan na rabu da ke, 'yata. Ranar da kika saya ba ita ce ranar da aka girbe ba. Waken da kika auna a watan Yuni tun kakar bara yake, wataƙila ma ya fi wanda ke gidanki tsufa. Ki baza shi a faranti ki duba. In kin ga ɗigo-ɗigo fari manne a bayan ƙwaya, ƙwai ne, wannan shi za ki fara dafawa ko da yau ya shigo, kuma kada ki haɗa shi da mai lafiya. Mai lafiyar ki cika bido da shi har wuya ki ɗaure murfi, iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu. Amma in kullum za ki buɗe ki ɗiba, dabarar ta tashi.

Yaya: To in kowa zai bi idonsa, ina amfanin rubutun? Yaran gida ba su san ƙwan ƙwaro ba, Baba.

Mai tuwo: Uwar gida ta duba ranar sayayya, ta sa wanda za a fara ci a gaba, yara su bi jeri. Haka gari: hatsin da aka surfa aka wanke kafin niƙa yana da laima, kwana kaɗan yake yi ya yi tsami ko ya dunƙule, don haka yana tsallake layi.

Amarya: Ragowar abinci fa? Shinkafata ta shekaranjiya ba ta wari.

Mai tuwo: Nan hanci ke yaudara, kuma nan na fi jin tsoro. Dafaffiyar shinkafa in ta daɗe a waje cikin zafi, ƙwayar cuta tana zuba mata dafin da ɗumamawa ba ya kashewa, wari kuwa babu. Ki baza ta a kwano marar zurfi ta huce, ta shiga firijo cikin awa ɗaya ko biyu, ki rubuta ranar dahuwa. Miya da nama kwana 3 zuwa 4, shinkafa ni ba na bari ta wuce washegari. In an ɗauke wuta fiye da awa 4, ranar da kika rubuta ta daina aiki.

Inna: Ɗumamen tuwo dai mun ci shi shekara da shekaru ba firijo, kuma gobe da safe ma shi zan ci. Ke Amarya, juye waken nan yau ki gaya mana abin da kika tarar a gindi.