Taƙaitawar tattaunawa: gyara wurin aiki saboda ma'aikaci mai keken guragu

1. An haɗu a kan cewa ma'aikacin za a fara tambaya abin da ke hana shi aiki, ba cutarsa ba. A rubuta abin da aka tsayar.
2. Gangara: tsayin santimita 1 na son tsawon santimita 12 aƙalla. Matakala mai santimita 15 ke nan tana son gangara mai tsawon mita 1.8. Idan ta gaza, hawan ya yi tsauri, keken na iya kifewa ta baya.
3. A auna ƙofar banɗaki tana buɗe, nan aka fi mantawa.
4. An rabu kan sauya aiki. Wasu sun ce a ɗauke masa ƙananan ayyuka kawai, wasu a sauya gurbin. Mafi yawa sun ce sauyin ya zo ƙarshe, da yardarsa.