Na haddace jijiyoyin kai 12, amma a gaban mara lafiya sai in tsaya ƙiƙam

Nana Hadiza: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina shekara ta uku a fannin likitanci, Jami'ar Andire Salifu. Jijiyoyin kai 12 ina jero su ko daga barci aka tashe ni, da jimlar nan ta Oskar da Terez da kowa ke rerawa don tuna sunayensu. Jiya a sitaj a asibiti aka nuna mini wani mai karkataccen baki, aka ce wace jijiya ce, wane gefe, a ina ta lalace. Na yi shiru kamar ruwa ya cinye ni. Yaya kuke yi abin ya zauna?

Lawali: Wa alaikumus salam. Ai wannan mai sauƙi ne, duk abin da ya shafi fuska ta 5 ce. In baki ya karkata dama, matsalar na dama.

Likita Mamman Sani: Lawali ƙanena, ka zubar da ita a rami biyu lokaci guda. Ta 5 ita ke jin taɓi a fuska, ita ke tauna. Mai motsa naman fuska ta 7 ce. Kuma baki ba ya zuwa wajen ciwo, gefen da ke da lafiya ne ke janye shi.

Hadiza, jimlar Oskar harufan farko kawai take ba ki, kuma na tsofaffin sunaye. "P" ɗin farko patetik ne, wato ta 4, wadda littattafan yanzu ke kira turokileyar. Ta ishe ki jerawa, iyakarta ke nan. Ni abin da ya fishe ni, kowace jijiya na sama mata mutum guda. Ga na ta 7.

Ɗan kabu-kabu ne, shekara 28, daga Garin Malam, cikin hunturu. Ya tashi alwalar asuba, ya guntsi ruwa zai kuskure baki, ruwan ya tsiyaye ta kusurwar dama. Ya wanke fuska, ruwa ya shige idon dama don ya ƙi rufuwa. Matarsa ta ce bakinsa ya koma hagu. Kin tsaya gabansa, abu uku za ki ce masa. Ɗaga gira: goshin hagu ya yi layi-layi, na dama sumul kamar an goge shi. Runtse ido: na dama ya tsaya a buɗe, ƙwayar ta mirgina sama sai fari kike gani, alamar Sharl Bel ke nan. Nuna haƙora: baki ya tafi hagu. Tun daga goshi har haɓa gefen dama ya mutu, to jijiyar ce da kanta, ta dama.

Sai ki ajiye masa abokiyar gwaji. Hajiya mai shekara 62, mai hawan jini da ta daina shan magani. Ita ma bakinta ya koma hagu. Amma da kika ce ta ɗaga gira, goshin duka ya tattare, idanu biyu sun rufu. Kofin shayi kuwa ya suɓuce daga hannunta na dama, maganarta ta harɗe. Wannan ba jijiyar ba ce, ƙwaƙwalwa ce, ɓangaren hagu, shanyewar ɓarin jiki. Dalili shi ne goshi na karɓar umarni daga ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa, ƙasan fuska kuwa daga ɓangaren da ke ƙetare kaɗai. Ni cewa nake "goshi ɗan gata ne, uwa biyu gare shi". In ɗaya ta faɗi, ɗayar ta riƙe shi. Amma in hanyar da ke kawo masa abincin aka yanke, wato jijiyar, gatan ya ƙare.

Nana Hadiza: Allah ya saka da alheri Likita. Wallahi na jiya goshinsa ban ko kalla ba, baki na zura wa ido. To wanda fatar idonsa ta sauko fa, shi ma ta 7?

Fasuma: A'a ƙawata, nan ni ma na faɗi bara. Na rubuta a bangon kayena: "uku ta buɗe, bakwai ta rufe". Idon da ya ƙi buɗuwa ta 3, wanda ya ƙi rufuwa ta 7. In kin ɗaga fatar da yatsa za ki tarar ƙwayar ta kalli waje da ƙasa, don ta 6 da ta 4 ne kaɗai suka rage suna ja. Ina da wata kuma: "harshe na nuna ɓarawo, baki na gudunsa". In ta 12 ta lalace, harshen da aka zaro yana karkata wajen gefen ciwon.

Likita Mamman Sani: Ta harshen ta yi daɗi Fasuma, amma ki ƙara mata sharaɗi: sai in jijiyar ce da kanta. In daga ƙwaƙwalwa ne, harshen na nuna gefen da jiki ya shanye, ɓarawon kuwa na ƙetare.

Isufu na Birni: Ku gafarce ni, ni ba ɗalibi ba ne, ƙanena ya sa ni a nan. Gwaggona bakinta ya karkace shekaran jiya, mutanen gida sun ce iska ce ta buge ta, ana ta hayaƙi da rubutu. Wane magani za mu saya?

Likita Mamman Sani: Malam Isufu, kada ku sayi kome, ku kai ta asibiti yau ɗin nan, a ci gaba da addu'a a hanya. Ba zan iya raba muku na jijiya da na ƙwaƙwalwa ta waya ba. In na jijiya ne, maganin da ake bayarwa ya fi aiki cikin awa 72 na farko, kun ga kun kusa cinye su. In hannu ko ƙafa ya yi nauyi, ko magana ta canza, to ko minti ɗaya kada ku ƙara. In idon ba ya rufuwa, ku kare shi daga ƙura kafin ku isa, bushewa na iya yi masa gyambo.

Isufu na Birni: To Likita, na gode. Bari in samo mota.

Abdu Rahaman: Ni ina da ja kaɗan. Labari na sa mutum ya ɗauka kowane mara lafiya haka zai zo. Na ga wani a aikin dare, goshi ya mutu, ido ba ya rufuwa, na ce shi ke nan na sanyi ne, wato na jijiyar kaɗai. Ashe idon nan ba ya iya kallon waje, hannu da ƙafa na ɗaya gefen kuma ba ƙarfi. Ciwon na cikin kututturen ƙwaƙwalwa, inda ta 6 da ta 7 ke maƙwabtaka. Ɗan gatan naku da ya sa na sallami mai shanyewar jiki.

Likita Mamman Sani: Gaskiyarka. Shi ya sa labarin ɗan kabu-kabu ba ya ƙarewa a goshi. Sai ka sa ya bi yatsanka da ido, ka gwada ƙarfin hannuwa da ƙafafu, ka leƙa kunne ko da mugunya ko ƙuraje masu ruwa, ka shafa gaban kunne ko da kumburi. Sai duk sun fita lafiya sannan ka ce na Bel ne, wato na sanyin da ka faɗa. In kana son sanin daidai wurin da jijiyar ta lalace, tambaye shi ko ƙarar injin babur ta fi damunsa a kunnen nan, ko ɗanɗano ya ɓace a gaban harshe.

Lawali: Na karɓi gyara. Amma jarrabawa da Faransanci ake yi, ba za a tambaye ni uwar goshi ba. Ni dai Oskar ba zan sake shi ba.

Fasuma: Wa ya ce ka sake shi? Ni ma da shi nake jerawa. Ta 4 ce har yanzu ban sama mata mutum ba. Na san mai ita na ganin abu biyu in yana saukowa daga bene, yana karkata kai wajen kafaɗar gefen lafiya, amma ban taɓa ganinsa da idona ba.

Nana Hadiza: Gobe da safe ina komawa wajen mutumin jiya, in ba a sallame shi ba. Fasuma, ki zo da kayen nan naki, mu haɗu bakin ƙofa ƙarfe 7 da rabi.