Oga ya rubuta can't da we'd a imel ɗin Darakta: in warware su duka ko in bari?

Sabon Sakatare:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfani da ke kai wa ma'aikatu takin zamani. Oga ya buga imel a wayarsa yana cikin mota, ya turo mini ya ce in gyara in aika wa Daraktan wata ma'aikata kafin azahar. Ga tsakiyar imel ɗin:

```
We'd put the remaining 40 bags on the truck before the inspection.
The driver's paid. We can't release the waybill until it's signed.
Don't you think Monday's better?
```

Kuskuren rubutu ban ga ko ɗaya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗannan kalmomi da aka dunƙule da ɗan waƙafin sama. In warware su duka, ko kuwa yin hakan shisshigi ne a rubutun oga? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka.

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam. Yaro, warware su kaf, kada ka bar ko guda. Na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, ban taɓa ganin wasiƙar da ta fara da I am directed to sannan aka ga can't a cikinta ba. Da ka kai wa shugaban sashe daftari mai irin wannan, jan biro zai zagaye shi ya dawo maka da shi ba tare da ya ce uffan ba. Kuma ka sani, imel ɗin da ka aika wa Darakta ba a waya yake ƙarewa ba. Sakatariyarsa za ta fitar da shi a takarda, a huda shi, a sa a fayil, a ba shi lambar shafi. Bayan shekara biyu mai binciken kuɗi ne zai karanta shi, ba Daraktan da kuka gaisa da shi a masallaci ba.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Aikin minti ɗaya ne wannan. Kwafe shi ka zuba a Word, danna Ctrl+H, a akwatin sama ka sa n't, a na ƙasa ka bar tazara ɗaya ka rubuta not, sai Replace All. Haka za ka yi wa 's da 'd. Shi ke nan.

Malamar Turanci:
Malam Mai Gyara, don Allah kada ya yi haka. Gwada da kanka ka gani: can't zai koma ca not, won't ya koma wo not. Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantarmu ya yi wa takardar gayyatar iyaye irin wannan, har aka buga aka raba kafin wani uba ya nuna mana.

Baba Akawu yana da gaskiya a kan wannan imel ɗin, tunda ma'aikata zai je kuma maganar kaya da takardar sa hannu ce. Amma warwarewar ba aikin cire waƙafi kawai ba ne, domin biyu daga cikin jimlolin nan ba wanda zai iya warware su daidai sai wanda ya san abin da ya faru a sito.

Dubi ta farko. We'd na iya zama we had, na iya zama we would. A mafi yawan lokuta kalmar da ta biyo baya ce ke raba gardama: we'd sent yana nufin mun riga mun aika, we'd send kuma za mu aika, ko kuma da mun aika. To amma put ba ya canza siffa, yadda yake a yanzu haka yake a abin da ya wuce. Saboda haka jimlar oganka tana ɗauke da labari biyu. Idan ka rubuta We had put, ka shaida wa Darakta a rubuce cewa buhu 40 ɗin nan suna kan mota tun kafin masu duba kaya su zo, wato wataƙila ba su gan su ba. Idan ka rubuta We would put, kana faɗin abin da kuke da niyyar yi ne, dubawar ma ba a yi ta ba tukuna. In rigima ta tashi a kan adadin buhunan da aka duba, wannan kalma ɗaya za a kawo.

Ta biyu ma haka. The driver's paid: ko dai The driver has paid, direban ne ya biya wani kuɗi, ko kuma The driver is paid, shi aka biya. In shi aka biya, ni The driver has been paid zan rubuta, ya fi fita sarai. Kada ka yi canke. Kira oga ka tambaye shi abu biyu kawai: an loda buhunan ko ba a loda ba, kuma wa ya biya wa.

Sauran masu sauƙi ne. Can't ya zama cannot, kalma ɗaya a haɗe. It's signed a nan it is signed ne. Monday's better kuwa Monday is better, amma lura, da ya ce Monday's meeting da wannan 's na mallaka ne, ba a taɓa shi. Tarkon ƙarshe shi ne Don't you think. Ba a cewa Do not you think, tsarin juyawa yake yi ya zama Do you not think, kuma da zarar ya zama haka sai ya koma kamar lauya yana titsiye mai shaida. Wa zai yi wa Darakta irin wannan tambaya? Sake ta gaba ɗaya: May we suggest Monday?

Ɗan Kwari:
Ni dai ban yarda da gajarta rubutu ga manya ba sam. Yaron shagona ya taɓa tura wa wani Alhaji da ke sarin atamfa a wurinmu pls snd d bal, Alhajin ya kira ni yana faɗa wai an raina shi. Tun ranar na hana pls da u da tnx a wayar shago. Ko slm ban yarda ba, a rubuta sallama cikakkiya.

Malamar Turanci:
Alhaji, wannan ai wani abu ne daban. Pls da u ba su da wurin zama a kowace irin wasiƙa ta aiki. Shi kuwa can't Turanci ne lafiyayye, ana ganinsa a jaridu da littattafai. Tambayar ita ce ina ya dace.

Hajiya Mai Zoɓo:
Ga nawa, ko da ya saɓa da na Baba. Muna fitar da busasshen zoɓo da citta, kuma babban abokin cinikinmu wani dattijo ne a Ingila, shi ke da kamfaninsa. Girma dai yana da shi, kuɗi ma haka. Amma imel ɗinsa kullum Hi ne, da I'll da we're, ya rufe da sunansa na farko. Akwai lokacin da kaya suka makale a tashar jirgin ruwa, na rubuta masa bayani, na ba ƙanwata da ta karanta aikin lauya ta duba mini. Ta bi ta warware komai. Inda na ce We didn't get your message sai ya koma We did not receive your message, inda na ce I can't confirm yet ya koma I cannot confirm. Washegari mutumin nan ya bugo waya yana tambaya ko lafiya, ko ya yi mana wani laifi ne. Ashe a kunnensu, mutumin da kuka saba hira da shi in ya koma did not rana tsaka, kamar ya ɗaure fuska ne yana shirin kai ƙara.

Tun daga nan, kafin in taɓa komai sai na gangara ƙasa na karanta imel ɗin da shi mutumin ya aiko na ƙarshe. In yana dunƙulewa, ina barin I'll da we're. In Dear Madam ya ce ya rufe da cikakken muƙaminsa, ni ma in sa babbar riga.

Tsohon Akawu:
Hajiya, Bature ne naki. Daraktanmu na nan ko da a WhatsApp yake maka wasa, ranar da takarda ta shiga fayil wani mutum ne daban. Ban taɓa jin an ƙi biyan ɗan kwangila don ya rubuta cannot ba.

Hajiya Mai Zoɓo:
Haka ne Baba, ban musa ba a kan ma'aikata. Amma yaron nan gobe ba Darakta zai rubuta wa ba, wataƙila manajan banki ne matashi ko wata ƙungiyar agaji, kada ya ɗauka doka ɗaya ce.

Na Maraɗi:
Mu a nan da Faransanci muke wasiƙun ofis, kuma abin ya ba ni dariya. A wurinmu j'ai da l'entreprise dole ne, ko shugaban ƙasa kake rubuta wa. In ka warware ka rubuta je ai, ka yi kuskure ne kawai. Shi ya sa da na fara rubuta wa abokan ciniki na Kano da Turanci na ɗauka don't ma tilas ne, sai da wani aboki ya ce mini zaɓi ne.

Malamar Turanci:
Tsakanin Baba da Hajiya akwai wata hanya da nake bi. Ƙa'idar rubutu ta shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, ta yarda da irin su you'll, amma ta ce a guji na korewa irin can't da don't, saboda mutane da yawa suna karanta su a gurguje su fahimci akasin abin da aka ce. Ta kuma ce a guji irin should've da could've. Wannan hujjar ta fi gamsar da ni fiye da maganar girmamawa. Bambancin can da can't a allon waya harafi ɗaya ne da ɗigon waƙafi, mai karatu kuma yana cikin taro yana leƙawa da ido ɗaya. Saboda haka duk jimlar da ta ƙunshi kuɗi, ko ranar ƙarshe, ko ƙin amincewa, ina warware ta ko da wa nake magana. Gaisuwa da godiya kuwa, irin I'll call you tomorrow, in abokin ciniki ne da aka saba, ina barinsu. Abu ɗaya da ba na taɓawa ko kaɗan shi ne maganar wani da aka kawo cikin alamar zance. In oga ya kwafo jimlar Darakta yana ba shi amsa, yadda ya rubuta ta haka za ta zauna.

Sabon Sakatare:
Na gode ƙwarai. Na kira oga. Ya ce an riga an loda buhunan kafin masu dubawa su iso, kuma direban aka biya. Da na karanta masa We had put a fili sai ya yi shiru, ya ce in ƙara cewa a shirye muke a sauke su a sake dubawa. Na warware sauran yadda Malama ta ce. Amma a ƙasa ya rufe da Let's meet on site, na mai da shi Let us meet on site, ya ce wannan ya yi masa kama da huɗuba, in mayar masa da nasa.

Tsohon Akawu:
Da ni ne, We propose a meeting on site zan rubuta, in bai so ba ya sa hannu a nasa. Wa ke ce wa Darakta let's?

Hajiya Mai Zoɓo:
Sunan oga ne a ƙasan imel ɗin, Baba, ba na yaron ba. Ka nuna masa ta Baba sau ɗaya, in ya ƙi ka aika yadda yake so. Azahar ta kusa.